Gano kod ɗin da na'ura ta rubuta a jingar ɗalibai

Gano kod ɗin da na'ura ta rubuta shi ne ƙoƙarin tantance ko manhajar da ɗalibi ya miƙa a matsayin jinga shi ya rubuta ta da hannunsa, ko kuwa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta masa. Maganar ta taso sosai bayan fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. Da yawa suna ɗauka aikin ɗaya ne da gano rubutun zube na na'ura, wato maƙala ko insha'i, amma sun sha bamban. Dabarun gano zube sun dogara ne kan 'yancin da marubuci yake da shi na zaɓen kalma, shi kuwa kod ɗin jinga wannan 'yancin kaɗan ne a cikinsa.

## Yadda ake gano zube

Na'urar harshe, irin wadda ke cikin ChatGPT, tana rubutu ne gutsure-gutsure, a kowane mataki tana ɗauko ɗaya daga cikin kalmomin da suka fi dacewa su biyo baya. Saboda haka rubutunta ba ya cika ba da mamaki. Idan aka ba wata na'urar harshe shi ta karanta, kusan kowace kalma za ta same ta inda ta zata. Mutum kuwa yakan kauce: ya kawo kalmar da ba a zata ba, ya yi doguwar jimla ya bi ta da gajeriya. GPTZero, manhajar gano rubutun na'ura wadda Edward Tian ya fitar a Janairun 2023 yana ɗalibi a Jami'ar Princeton, a kan waɗannan ma'aunai biyu ta fara: yawan mamakin da kalmomi ke bayarwa, da yadda mamakin ke hawa da sauka daga jimla zuwa jimla.

Ko a zuben ma awon bai tsaya da ƙafafunsa ba. Kamfanin OpenAI ya fitar da nasa ma'aunin a Janairun 2023, ya kuma bayyana cewa kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura yake kamawa, yana kuma ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. A Yulin shekarar ya janye shi saboda rashin inganci. A 2023 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajojin ganowa bakwai a kan insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda masu koyon Turanci suka rubuta, sai fiye da rabinsu aka ce na na'ura ne. Dalilin a fili yake: wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, sai rubutunsa ya fito ba mamaki. Wannan ya shafi duk ɗalibin da ke karatu da harshe na biyu, har da na jami'o'in Najeriya da ke rubuta jinga da Turanci.

## Abin da ya sa kod ya fi wuya

Tun a 2012 Abram Hindle da abokan aikinsa suka nuna cewa kod ɗin da mutane ke rubutawa ya fi rubutun Turanci maimaituwa da saurin cankuwa. Ke nan alamar da ake nema a zube, wato ƙarancin mamaki, ɗabi'ar kod ce tun asali, ko wa ya rubuta shi. Nahawun harshen manhaja ba ya sassauci. Bayan `for n` a Python kusan dole `in` ya biyo, kuma wanda ya kauce don burgewa, manhajarsa ba za ta tashi ba. OpenAI da kansa ya yi gargaɗin cewa ma'auninsa ba abin dogaro ba ne a kan kod, haka ma a kan rubutun da bai kai haruffa 1,000 ba. Jingar 'yan aji ɗaya kuwa sau da yawa ba ta kai haka.

A ɗauki misali. Malami ya ce a rubuta `sum_even`, wanda zai karɓi jerin lambobi ya tara waɗanda suke cika, ya bar mara. Ga amsar da aka saba gani:

```python
def sum_even(numbers):
    total = 0
    for n in numbers:
        if n % 2 == 0:
            total += n
    return total
```

Sunan `sum_even` malami ne ya bayar, domin da shi manhajar duba jinga za ta kira aikin. Tazarar da ke farkon layuka harshen ne ya wajabta ta. Abin da ya rage wa ɗalibi ya zaɓa bai wuce huɗu ba: sunan `total`, sunan `n`, ko ya rubuta `total += n` ko `total = total + n`, sai kuma yadda zai gwada cikar lamba. A aji mai mutum ɗari, da dama za su miƙa wannan amsar harafi da harafi ba tare da wani ya leƙa na wani ba, kuma na'ura ma ita za ta iya bayarwa. A nan babu abin da za a auna. Insha'i mai kalma ɗari biyar kuwa wuraren zaɓi a cikinsa ɗaruruwa ne.

Akwai kuma manhajojin daidaita kod, irin su `black` na Python da `gofmt` na Go, waɗanda ke goge ɗan abin da ya rage na hannun marubuci a tazara da tsarin layi. Malamai da kansu suke umartar a yi amfani da su.

## Ɓoyayyen hatimi

Wata dabarar ita ce mai na'urar ya saka hatimin da ido ba ya gani a cikin abin da take rubutawa. A tsarin da John Kirchenbauer da abokansa na Jami'ar Maryland suka gabatar a 2023, a kowane mataki ana raba kalmomi gida biyu a asirce, kore da ja, a ɗan karkata na'urar zuwa kore. Mai riƙe da mabuɗin sirrin rabon sai ya ƙirga korayen. Idan rabon rabi da rabi ne, mutumin da ya rubuta gutsure 200 zai faɗa kan kore kusan sau 100, da ɗan sama ko ƙasa da bai cika wuce goma sha biyar ba. In aka ƙirga 150, da wuya ƙwarai a ce dace ne.

A mai da wannan lissafin kan misalin da ya gabata. Inda nahawu ya tilasta kalma ɗaya, ba a iya karkata na'ura ba tare da an ɓata manhajar ba, don haka wurare huɗun nan ne kaɗai za su ɗauki hatimi. Yiwuwar mutum ya faɗa kan kore a duka huɗun bisa dace ɗaya ce cikin 16. A aji mai ɗalibai 160, kusan goma ke nan da za su fito da cikakken hatimi alhali ba su taɓa na'ura ba. Shi ya sa masu binciken hatimin kod suka koma saka shi da neman sa a wuraren da akwai zaɓi kaɗai, abin da ke taimakawa a doguwar manhaja amma ba ya ƙara wa gajeriya wuraren da ba ta da su. Kuma ɗalibin da ya sauya sunaye biyu ya riga ya kankare rabin hatimin.

## Tsoffin manhajojin kama satar amsa

Sassan kimiyyar kwamfuta sun daɗe da nasu kayan aikin. Alex Aiken ya ƙirƙiro MOSS a 1994, aka kuma fara JPlag a Jami'ar Karlsruhe ta Jamus a 1996. Tambayarsu daban ce: wa ya kwafi wa? Suna zubar da sharhin da ke cikin kod da tazara, su mayar da duk sunayen da ɗalibi ya raɗa iri ɗaya, sannan su kwatanta ƙashin bayan manhajojin bibbiyu. Wanda ya kwafi aikin abokinsa ya mayar da `total` ya zama `s` bai tsira ba.

Abin lura a nan shi ne, abin da MOSS ke zubarwa shi ne daidai inda ɗan alamun na'ura suke taruwa: sunaye, sharhi, tsabtar tsari. Kuma na'ura ba ta da amsa guda da za a kwatanta da ita, don in jingar ta yi tsawo, kowace tambaya da irin amsar da take fitowa. Wasu malamai sukan sa na'ura ta warware jingar sau da yawa su zuba amsoshin cikin tarin na ɗalibai kafin kwatantawa. Yana kama wanda ya manna tambayar yadda take ya kwashe amsar yadda ta zo. A gajeriyar jinga kuwa masu gaskiya yake haɗawa da su, tunda hanyar warwarewar ɗaya ce.

## Alamun da mai duba jinga ke gani

Ga wata amsar ga tambaya ɗaya:

```python
def sum_even(numbers: list[int]) -> int:
    """Return the sum of even numbers."""
    return sum(n for n in numbers if n % 2 == 0)
```

Daidai take, har ta fi ta farko kyau. Amma idan a mako na uku aka miƙa ta, kafin a koyar da bayyana nau'in bayanai ko dunƙule zagaye a layi ɗaya, malami zai tsaya. Sauran alamun da ake ambata sun haɗa da sharhi a kan kowane layi da Turanci mai santsi, kula da kurakuran da ba a tambaya ba, da kiran wani aiki ko kunshin kod da babu shi sam, wanda na'ura ta ƙaga. Wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi, don mutum ba ya cika ƙago sunan da bai taɓa gani ba. Sauran kuwa dalilin tambaya ne kawai. Ɗalibin da ya koyi Python tun kafin ya shigo jami'a haka zai rubuta, kuma wanda ya karɓi amsar na'ura yana iya ce mata ta rubuta kamar ɗan koyo.

## Inda kod ya fi zube sauƙi

Kod yana da abin da insha'i ba shi da shi: yana aiki, kuma kowane layi yana da dalilin da ko dai daidai ne ko kuskure. Ana iya zaunar da ɗalibi minti biyar a ce masa: me `% 2` ke yi? Me zai fito in jerin babu komai? Sauya shi ya tara mara. Wanda ya rubuta amsar farko zai mayar da `== 0` ya zama `== 1` nan take, ya kuma san cewa jerin da babu komai sifili zai bayar. A zube, tambayar me ya sa ka zaɓi wannan kalma ba ta da amsar da za a ce kuskure ce.

Haka kuma tarihin aikin. Inda ake amfani da Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, umarnin `git log` yana nuna yadda manhaja ta girma, da gyare-gyare da komawa baya. Layi ɗari uku da suka sauka lokaci guda ba kuskure ko ɗaya suna jawo tambaya, ko da yake ɗalibin da ya yi aikinsa ba intanet, ko a kwamfutar aro, ya ɗora shi gaba ɗaya a daren ƙarshe, tarihinsa haka zai kasance. Tambayar baki ma tana da iyaka: fahimta take aunawa, ba wanda ya rubuta ba. Ɗalibin da ya karɓi kod daga na'ura ya zauna ya fahimce shi layi-layi zai amsa duka, wanda ya rubuta nasa makonni uku da suka wuce kuma yana iya daburcewa a gaban malami. A aji mai ɗalibai 300, minti biyar-biyar awa 25 ne.