Waiwaye: Yadda aka gano abin da ke ƙidaya wa ƙwayoyin jiki kwanansu, da yadda sankara ke kuɓuce masa

Tun daga 1912 har kusan shekara hamsin bayan haka, masana sun ɗauka cewa ƙwayar jiki ba ta tsufa. Likita Alexis Carrel ya yi iƙirarin cewa ya raya ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako a kwalba suna ta rabuwa ba iyaka, kuma aka yarda da shi. Duk wanda ƙwayoyinsa suka mutu a ɗakin gwaji sai a ce hannunsa ne bai iya ba.

A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a cibiyar Wistar da ke Philadelphia, suka rusa wannan magana. Sun ga cewa ƙwayoyin ɗan Adam masu lafiya sukan rabu sau 40 zuwa 60, daga nan su tsaya cik. Don a tabbatar ba ruwan da ake ciyar da su ne ke da matsala ba, sai suka haɗa tsofaffin ƙwayoyin namiji da sababbin ƙwayoyin mace a kwalba ɗaya. Da lokaci ya yi, na namijin suka daina rabuwa, na macen suka ci gaba abinsu. Ke nan kowace ƙwaya tana riƙe da lissafinta a cikinta. Amma a wancan lokacin akwai ƙwayoyin da aka ɗiba daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a Baltimore tun 1951, waɗanda ba su san da wannan iyaka ba, kuma har gobe ana amfani da zuriyarsu a ɗakunan gwaji. Me ya raba su da sauran?

Amsar tana bakin kuromosom, wato dunƙulen zaren gadon da ake kira Di-En-E. Ƙwayar jikin mutum tana da kuromosom 46, kowanne da baki biyu, baki 92 ke nan. Tun a ƙarshen shekarun 1930 Hermann Muller, da ke aiki kan ƙudaje, da Barbara McClintock, da ke aiki kan masara, suka lura cewa idan kuromosom ya karye, bakin karayar yakan manne da wani karyayyen, amma bakinsa na asali ba ya haka. Akwai abin da ke kare shi, kamar yadda tela ke kalmashe bakin zane don kada ya zare. Muller ya sa masa suna telomiya.

A 1971 wani masani ɗan Rasha, Alexey Olovnikov, ya haɗa maganar nan da ta Hayflick. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ta kwafi zarenta duka. Sinadarin da ke kwafin ba ya iya fara aiki sai an aza masa ɗan guntun mafari, kuma idan an gama sai a cire guntun a cike gurbinsa. A tsakiyar zare ba matsala. A can ƙarshen baki kuwa babu wurin da za a tsaya a cike gurbin, don haka sabon zaren yakan fito ya gaza na asali tsawo. Olovnikov ya ce lallai wannan ragowa ce ke tsayar da tsofaffin ƙwayoyi, kuma lallai ƙwayoyin haihuwa da na sankara suna da abin da ke mayar musu da abin da suka rasa. Ya faɗi daidai, sai dai an daɗe ba a kula shi ba.

Elizabeth Blackburn ce ta fara karanta abin da ke rubuce a bakin. A 1978, tare da Joseph Gall, ta nuna cewa a wata ƙaramar halittar ruwan tafki mai suna Tetrahymena, bakin haruffa shida ne ake ta maimaitawa: TTGGGG. Na mutum, wanda aka karanta a 1988, shi ne TTAGGG. A ranar 25 ga Disamba 1984, ɗalibarta Carol Greider ta ga shaidar wani sinadari da ke ƙara waɗannan haruffa a baki, shida-shida. Shi ne telomares. Yana ɗauke da nasa ɗan samfurin da yake dubawa yana rubutawa, shi ya sa ba ya bukatar tsohon zare ya nuna masa hanya. Blackburn da Greider da Jack Szostak sun karɓi kyautar Nobel a 2009 kan wannan aiki.

Bari mu yi lissafin. A ce ƙwaya ta fara da telomiya mai haruffa 10,000, tana kuma rasa kamar 100 a kowace rabuwa. Bayan rabuwa 50 ta rasa 5,000, saura rabi. Ba sai ya ƙare ƙurmus ba. Da zarar wasu 'yan bakuna daga cikin 92 ɗin nan sun yi gajarta har furotin ɗin da ke lulluɓe su ya kasa riƙewa, ƙwayar takan ɗauka zarenta ne ya karye. Sai furotin p53 ya tashi ya dakatar da rabuwa. Ƙwayar ba ta mutu ba, tana nan tana cin abinci, amma ta baje ta yi faɗi, ba za ta ƙara rabuwa ba. A 1998 aka yi gwajin da ya kashe bakin gardama: aka saka wa ƙwayoyin mutum masu lafiya telomares, suka wuce iyakar Hayflick suka ci gaba da rabuwa.

Yawancin ƙwayoyin jikinmu sun kashe telomares tun muna ciki. Wannan kariya ce, domin ƙwayar da ta fara bauɗewa za ta ci karo da iyakar kafin ta yi nisa. Idan ta lalata p53 ta ƙi tsayawa, bakunanta za su ci gaba da cinyewa har kuromosom su riƙa mannewa da juna suna tsinkewa, kuma kusan duk zuriyarta za ta mutu a nan. Jifa-jifa ne ɗaya take tsira, ta hanyar sake kunna telomares. Binciken da aka fitar a 1994 ya same shi a 90 daga cikin samfurin sankara 101, bai same shi ko a ɗaya daga cikin samfurin nama mai lafiya 50 ba. A 2013 kuma aka gano ɗaya daga cikin hanyoyin kunna shi: canjin harafi ɗaya tak a makunnin TERT, ƙwayar gadon da ke samar da babban sashen telomares, canjin da aka gani a kusan kashi 70 cikin 100 na baƙar sankarar fata. Kashi 10 zuwa 15 na sankara ba sa amfani da telomares ma, suna kwafo telomiya ne daga wani kuromosom.

Akwai gyara a maganar da aka saba yi cewa telomiyar sankara doguwa ce. Sau da yawa ta fi ta naman da ke kewaye da ita gajarta, domin sai da ta cinye sosai kafin a kunna telomares. Abin da ya bambanta ta shi ne ta daina raguwa.

Wannan ne ya sa nake jin takaici idan na ga ana tallan magungunan “tsawaita telomiya” don hana tsufa. Gaskiya ne gajartarta na da illa: masu gadon nakasa a telomares sukan gamu da gazawar ɓargo wajen yin jini da kuma taurin huhu. Amma iyalan da suka gaji telomiya mai tsawo fiye da kima, saboda canji a ƙwayar gadon POT1, an same su da yawan sankara iri-iri.

Toshe telomares a matsayin magani ma bai zo da sauƙi ba. Ko an toshe shi yau, sai ƙwayar sankara ta yi ta rabuwa har bakunanta su cinye kafin ta tsaya, ga shi kuma ƙwayoyin ɓargo masu lafiya su ma suna bukatarsa. Sai a watan Yunin 2024, kusan shekara 40 bayan abin da Greider ta gani, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan rukuni, imetelstat, don wani nau'in ciwon ɓargo da ke sa mutum dogara da ƙarin jini, kuma babbar illarsa ita ce rage fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini.