Ma'anar Yankin Lokaci: Me Ya Sa Agogon Makka Ya Riga Na Kano?

Yankin lokaci wani faffaɗan ɓangare ne na duniya wanda mutanen cikinsa suka yarda su saita agogunansu daidai da juna, ko da kuwa rana ba ta fito musu a lokaci guda. Shi ne abin da wayar salula ke nunawa da UTC+1 a Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, ko UTC+3 a Saudiyya, wato awa ɗaya ko uku gaba da UTC, lokacin da duk duniya ke ƙirga daga gare shi.

Tushen lamarin shi ne juyawar duniya. Tana juyawa daga yamma zuwa gabas, ta cika zagaye ɗaya na digiri 360 cikin awa 24. In aka raba, kowace awa tana cin digiri 15, kowane digiri kuma minti 4. Saboda haka wanda ke gabas da kai yakan riga ka ganin alfijir, ya riga ka zawali, ya riga ka ganin faɗuwar rana. Makka tana wajen digiri 40 gabas da layin Greenwich na Landan, inda ake fara ƙirga, Kano kuma wajen 8 da rabi. Tazarar ta ɗan haura digiri 31, wato awa biyu da 'yan mintoci, shi ya sa agogon Makka ke gaba da namu da awa biyu.

A da can kowane gari da agogonsa. Idan rana ta take, inuwa ta kai ƙarshen gajartarta, to tsakar ranar garin ta yi ke nan. Wannan bai dami kowa ba muddin da ƙafa ko a bayan dabba ake tafiya. Jirgin ƙasa ne ya fito da matsalar, domin ba zai yiwu a tsara tashi da isowar jirage a kan layi guda ba alhali kowace tasha tana bin nata lokacin. Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka da Kanada sun koma tsarin yankuna a 1883. A 1884 kuma wani taron ƙasashe a Washington ya zaɓi layin da ya ratsa Greenwich a Landan ya zama mafarin ƙirga.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zaton cewa agogo ɗaya na nufin rana tana fitowa da faɗuwa a lokaci ɗaya. Mu ɗauki Najeriya. Agogonta an gina shi ne a kan layin digiri 15 gabas, layin da bai ma ratsa ƙasar ba, ya bi ta Chadi ne kusa da Njamena. Maiduguri tana wajen digiri 13, saboda haka zawali a can yakan faɗo kimanin 12:07. Kano tana yamma da layin da digiri 6 da rabi, sai nata ya kai kimanin 12:26. Sakkwato kuwa, da ke wajen digiri 5, sai kusan 12:39. Dukkansu agogo ɗaya suke kallo, amma tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai fiye da rabin awa ta rana.

A ganina wannan ne ya fi cancanta mu riƙe, domin salla da azumi rana suke bi. Mai azumi a Sakkwato da ya yi aiki da jadawalin Maiduguri zai sha ruwa rana tana nan sarai ba ta faɗi ba. Jadawalin da ke yawo a waya ba tare da sunan gari a kansa ba, bai kamata a dogara da shi ba.

Lokutan zawalin da aka ambata ma tsaka-tsaki ne na shekara. Da yake duniya a karkace take, kuma saurinta wajen kewaya rana yana canzawa, zawali yakan zo da wuri da kusan minti 16 a farkon Nuwamba, ya makara da kusan minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Wanda ya lura da yadda lokacin azahar ke matsawa gaba da baya a jadawali ya riga ya ga wannan.

Iyakokin yankunan kuwa gwamnatoci ne ke shata su, shi ya sa a taswira suke a lanƙwashe. Sin tana da faɗin da zai ɗauki yankuna biyar, amma agogon Beijing kaɗai take bi a hukumance, har ta kai a Kashgar da ke yammacin ƙasar zawali sai wajen ƙarfe uku na rana. Indiya ta zaɓi awa biyar da rabi gaba da Greenwich. Birtaniya kuma tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, don haka a waɗannan watannin lokacin Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watannin kuma Kano ce ke gaba da awa guda.