Doguwar tafasa ba ta raba tumbi da wari

Mutane da dama sun ɗauka cewa idan tumbi yana wari, maganinsa a bar shi kan wuta ya daɗe yana tafasa. Zafi yana tausasa tumbi, amma ba ya kawar da ragowar abincin dabba da ke maƙale a saƙo-saƙon cikinsa. In aka dafa shi da wannan datti, warin ne zai bi ruwan ya shige cikin naman.

Aikin yana wajen wanki. A juya tumbin, a tsoma shi cikin ruwa mai zafi sosai na ɗan lokaci kaɗan, sannan a kankare baƙar fatar nan da wuƙa. In zafin ya yi daidai, saɓulewa take yi har farin ya bayyana. A cuɗa da gishiri da ruwan lemon tsami, a ɗauraye sau biyu ko uku.

Daga nan a tafasa kamar minti 10, a zubar da ruwan farko da kumfarsa. Masu ƙyashin zubarwa wai romo ne, warin suke tanadi. A sabon ruwa ake sa citta da tafarnuwa, a rage wuta. Tumbin saniya kan ci awa 2 zuwa 3. Ya nuna idan cokali mai yatsu ya shige shi ba gardama.