Waiwaye: Dokar Gudun Duniyoyi da Ta Yi Gaskiya a Wuri Biyu Kacal

Tun kafin a san dalili, masu duban taurari sun san cewa duniyar Mars ba ta tafiya da sauri ɗaya. Wani lokaci ta yi hanzari, wani lokaci ta ja ƙafa. Ptolemy, wanda ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na biyu, ya ƙirƙiro wani ɗigo a gefen tsakiyar da'irar da ake zaton duniyar tana bi, ya ce wanda ya tsaya a can ne zai ga tafiyar daidai wa daida. Da wannan dabara aka yi ta lissafi fiye da shekara dubu.

Sai a 1600 Johannes Kepler ya je Prague wurin Tycho Brahe, mutumin da ya fi kowa auna matsayin taurari da ido a zamaninsa. Tycho ya rasu a 1601, awonsa ya faɗo hannun Kepler. Ya gwada zama da da'ira, lissafinsa ya saɓa wa awon da minti 8 na kusurwa, wato kashi 8 cikin 60 na digiri ɗaya. Wani da ya ce kuskuren ido ne ya wuce. Shi kuwa ya yarda da Tycho, ya watsar da da'irar. A littafinsa Astronomia Nova na 1609 ya nuna cewa hanyar Mars da'ira ce da aka ɗan matse, Rana kuma ba a tsakiya take ba, tana ɗan gefe.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne Kepler ya fara ne da wata doka dabam. Ya ɗauka cewa a ko'ina a kan hanyar, in nisa da Rana ya ninka, gudu zai ragu da rabi. Wajen neman sauƙin lissafi ne ya koma ga faɗin fili: a ja layi daga Rana zuwa duniyar, layin zai share fili iri ɗaya a lokaci iri ɗaya. Wannan ta biyun ce ta tabbata. Isaac Newton ya kawo hujjarta a 1687, inda ya nuna cewa muddin jan da ake yi wa abu yana nufar wuri ɗaya, to dokar fili ba ta karyewa. Rana tana jan Mars zuwa kanta ne kai tsaye, ba ta tura ta gaba ko baya a gefe, don haka ba abin da zai ƙara ko ya rage juyin. Yau ana kiran abin da ba ya canzawa ɗin angula momentom, ana rubuta shi haka: L = m r v sinθ. A nan m nauyin duniyar ne, r nisanta da Rana, v gudunta, θ kuwa ita ce kusurwar da ke tsakanin layin Rana da inda duniyar ta dosa.

To ina waccan dokar nisa da Kepler ya fara da ita? Tana nan da rai, amma a wuri biyu kawai: inda duniyar ta fi kusa da Rana da inda ta fi nisa. A can tafiyarta ta gicciye layin Rana sosai, kusurwar digiri 90 ce, sinθ ya zama 1. Nauyin duniyar ma ya soke kansa, sai r₁v₁ = r₂v₂ ya rage.

Mu gwada da Mars ɗin. A kusa, nisanta kilomita miliyan 206.7 ne, gudunta kilomita 26.5 a daƙiƙa. A can nesa, kilomita miliyan 249.2. A ninka 206.7 da 26.5, a samu kusan 5,478, a raba da 249.2, amsa kusan kilomita 22 a daƙiƙa. Nisan kuwa daga tsakiyar Rana ake auna shi, ba daga tsakiyar hanyar ba. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Hanyar Mars ba ta matsu sosai ba, shi ya sa kuskuren dokar nisan bai taka kara ya karya ba a hannun Kepler. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ce ke tona asirinsa. Da ta kusanci Rana a Fabrairun 1986, nisanta kamar kashi 0.59 na tazarar da ke tsakaninmu da Rana ne, tana gudun kilomita 54 da ɗoriya a daƙiƙa. A ƙarshen 2023 ta kai ƙuryar hanyarta, ninki 35 na tazarar tamu. Nisa ya ninka kusan sau 60, gudu ya sauko ƙasa da kilomita ɗaya, kusan 0.9. Har nan lafiya lau.

Amma a ɗauki tsakiyar tafiyar, a nisan ninki 17.8. Wanda ya yi amfani da r₁v₁ = r₂v₂ zai sami kilomita 1.8 a daƙiƙa, alhali ainihin gudun kusan 7 ne. A wurin tauraruwar ta kusa bin layin Rana, sinθ bai wuce rubu'i da kaɗan ba, don haka 1.8 ɗin ɓangaren gudun da ke gicciye ne kawai. Sauran yana tafiya ne a kan layin, ko dai tana faɗowa wajen Rana ko tana guduwa daga gare ta. Yanzu haka faɗowa take yi, za ta sake iso kusa da Rana a 2061.