Aron rauji a waƙoƙin bege

Aron rauji shi ne mawaƙi ya ɗauki muryar wata waƙa da jama'a suka riga suka sani, ya cire kalmominta, ya zuba nasa a gurbinsu. A ƙasar Hausa an fi ganin haka a waƙoƙin begen Annabi, da na makarantun Islamiyya, da kuma waƙoƙin sujada na coci. Masu bege kan ce an "ɗora" waƙa a kan karin wata. Amfaninsa a fili yake: masu amshi ba sa buƙatar koyon murya, daga jin baitin farko sai su kama. Wahalar tana wajen sa sababbin kalmomi su zauna a tsohuwar murya ba tare da an karya lafazinsu ba.

Asali

Tun zamanin masu jihadi, irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, ake tsara waƙoƙin addini a kan ma'aunan arulin Larabci, kuma waƙoƙin da suka haɗa kari ɗaya sukan reru da murya ɗaya. Daga baya marubuta suka riƙa aron karin makaɗan baka. A Kano, wajen shekarun 1990, ƙungiyoyin masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya sun yi suna wajen juya waƙoƙin finafinan Indiya zuwa yabon Manzo, abin da ya jawo taƙaddama, don wasu malamai na ganin muryar tana tuna wa mai sauraro rawar da aka yi da ita a fim.

Nauyin gaɓa

A Turanci kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa da ƙarfi, kuma ita ake so ta faɗa kan bugun kiɗa. Hausa ba haka take ba. Abin da ke riƙe tafiyar magana a Hausa shi ne nauyin gaɓa. Gaɓa marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali, kamar "da" ko "mu". Gaɓa mai nauyi kuwa ko dai tana da dogon wasali, kamar "raa" a rana, ko tagwan wasali kamar "kai", ko ta ƙare da baƙi kamar "has" a haske. A rerawa, mai nauyi takan ci lokacin marasa nauyi biyu.

To, kowane rauji yana da gurabe, wasu dogaye wasu gajeru. Idan gajeriyar gaɓa ta faɗa dogon gurbi, dole mai rerawa ya ja ta, kuma jan wasali a Hausa yakan sauya kalma gaba ɗaya. Wanda ya so ya ce garin Madina amma rauji ya tilasta masa jan "ga", ya koma maganar gaari, wato na tuwo. Haka "fito" kan zama fiito irin na baki, baƙin tufafi ya zama baaƙi masu zuwa ziyara. Abin da ke ƙara rikita sabon shiga shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ɗango yakan yi kyau a takarda, sai an buɗe baki a ji ya tuntsure. Ajami ya fi taimakawa a nan, tunda yana nuna ja da alifi, wawu da ya.

Yadda ake aunawa

A ɗauka raujin da ake son ara yana tafiya a karin mutaƙarab, wanda ƙafarsa ita ce fa'uulun: gajere ɗaya, dogaye biyu. Ƙafa huɗu a ɗango, gaɓa 12 ke nan. Kafin a rubuta komai, sai a rera muryar da "ta-taa-taa, ta-taa-taa" har gurbin kowace gaɓa ya fito sarai. Daga nan mai tsarawa ya kawo ɗangonsa, misali:

Salati ga Annabi mai son mutane

Idan aka ƙirga, gaɓa 12 ne cif. Ƙafar farko lafiya, sa-laa-tii. Ta ƙarshe ma haka, mu-taa-nee. Matsalar tana tsakiya. Ƙafa ta biyu ta zama ga-An-na, inda "na" gajeriya ta hau dogon gurbi, sannan "bii" mai nauyi ta matsu a gajeren gurbin da ke buɗe ƙafa ta uku. Mai rerawa zai ji bakinsa yana cewa "Annaabi", lafazin da babu Bahaushen da ke yin sa a magana. Wannan ya nuna ƙirga gaɓoɓi kaɗai ba ya wadatarwa, ko da yake a nan yawancin masu farawa ke tsayawa.

Gyara iri biyu ne. Na farko a sauya kalmar da wata mai siffar gurbin:

Salati ga Manzo masoyin mutane

Yanzu kowace ƙafa ta cika, ga-Man-zoo, ma-soo-yin, kuma iyakar kalma ta dace da iyakar ƙafa, ga sauƙin numfashi ga yaran da za su amsa. Na biyu, idan mawaƙi ya nace sai kalmar Annabi ta fito, sai ya matsar da ita inda tsarinta na nauyi, sauƙi, nauyi zai zauna, wato ta fara daga gurbi na uku:

Yabon Annabi ne abincin masoya

A nan an samu ya-bon-An, na-bii-nee, a-bin-cin, ma-soo-yaa. Kalmar ta ratsa ƙafa biyu amma babu wasalin da aka ja ko aka datse.

Akwai ƙananan dabaru da aka yarda da su. Ana haɗe "ya yi" ya zama "yai". Ana zaɓar Muhammad ko Muhammadu gwargwadon gurbi. Ana cike giɓi da "fa" idan gajere ake nema, ko "dai" idan dogo ne, sai dai waƙar da ta cika da fa da dai ta tona asirin mai ita. Gaɓar ƙarshen ɗango kuma ba a tsananta mata, don mai rerawa yana iya jan ta yadda ya so.

Karin sauti

Hausa tana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya: kuka na hawaye sama yake tafiya duka, kuka ta miya kuwa sauka take yi a ƙarshe. Wanda ya ƙirƙiri muryarsa yana iya lanƙwasa ta ta bi kalmomi, amma mai aro ba shi da wannan damar. Sa'ar da aka yi, kunne ya fi yafe saɓanin karin sauti a kan saɓanin nauyi, domin ma'anar jimla takan fid da shakka. Inda ake kula shi ne ƙarshen ɗango da amshi, wuraren da ake maimaitawa har kuskure ya zauna a bakin mutane.

Muryoyin waje

Ba kowace murya ce ke karɓar Hausa da sauƙi ɗaya ba. Waƙoƙin Larabci da na Hindi an gina su ne a kan dogo da gajere, shi ya sa gurabensu kan yi kusa da tafiyar Hausa. Waƙoƙin sujada da mishan suka fassara daga Turanci kuwa ana auna su da yawan gaɓa, kamar 8.6.8.6, kuma sau da yawa sautukan muryar tsawonsu ɗaya. Mai fassara yana iya cika gaɓa 8 daidai, amma "duniya" ta fito da gaɓoɓi uku masu tsawo ɗaya, ko bugu mai ƙarfi ya sauka kan "da" ko "ga". Ƙa'idar da ta fi aiki a irin wannan ita ce a sa gaɓa mai nauyi a inda Turancin ke da dannawa, a bar ƙananan kalmomi a tsakanin bugu. Gwajin da masu tsarawa ke yi mai sauƙi ne: a karanta ɗangon kamar ana magana, sannan a rera shi, duk kalmar da ta sauya kama tsakanin biyun sai a sake mata wuri.