Mota ko injin casa: wanne ya fi biya?

*Malam, ina da naira miliyan 10, kuma abu ɗaya kawai za su saya mini: motar ɗaukar kaya ko injin casar shinkafa. Na kiyasta bayan fitar da mai, gyara da albashi, mota za ta kawo miliyan 8, sai 4, sai 2 cikin shekara uku. Inji kuwa 2, sai 4, sai 10. Wanne zan ɗauka?*

Alhaji, mu fara da lissafin da kowane ɗan kasuwa yake yi a ka, wato yaushe uwar kuɗi za ta dawo. Mota ta biya 8 a shekarar farko, sauran 2 kuma rabin abin da za ta kawo ne a ta biyu, shekara ɗaya da rabi ke nan. Inji sai ya ci shekara biyu da kusan wata biyar. Wannan awon yana da amfani ga wanda bashi ke binsa. Aibinsa shi ne da zarar uwa ta dawo sai ya rufe ido, bai damu da miliyan 6 da inji zai ƙara kawowa bayan nan ba.

*To ai inji ya tara 16, mota 14. Ba shi ke nan ba?*

A'a, domin naira ta baɗi ba ta kai ta bana ba. Idan kana da wata harka da ke ba ka ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, miliyan 10 a yau za su zama 11 baɗi. Saboda haka sai a juya lissafin: kuɗin shekarar farko a raba da 1.1, na biyu da 1.21, na uku da 1.331. Kada ka tsorata cewa kuɗin ruwa ake nufi, wannan kashi 10 ba lallai na banki ba ne, ribar da ka bari ce don ka shiga wannan aiki.

Na mota sun koma 7.27 da 3.31 da 1.50, jimla 12.08. Cire jarinka, saura miliyan 2.08. Na inji sun koma 1.82 da 3.31 da 7.51, jimla 12.64, saura miliyan 2.64. Wannan ragowar ita ake kira NPV, abin da aikin ya ƙara maka a kuɗin yau. In ta faɗi ƙasa da sifili, gara ka zauna a tsohuwar harkarka. A nan inji ne a gaba, amma dubi yadda tazarar miliyan 2 ta tsuke ta koma dubu 560.

A Excel, ka sa -10 a B1, sauran a B2 zuwa B4:

```
=NPV(10%,B2:B4)+B1
=IRR(B1:B4)
```

Kuskuren da na fi gani shi ne a cusa B1 cikin NPV ɗin, sai a rage darajar jarin kamar baɗi za a biya shi.

*Na gwada. IRR ta ba mota kashi 25, inji 21. Yanzu wa zan bi?*

IRR ita ce kason da in ka sa shi a madadin kashi 10 ɗin nan, NPV za ta tsaya daidai sifili. Duka biyun sun haura 10, kowanne zai biya. Sai dai wajen zaɓen ɗaya, IRR tana son kuɗin da ke dawowa da wuri, ba ta kuma tambayar me za ka yi da miliyan 8 ɗin da mota ta miƙo maka a shekarar farko. In a harkar kashi 10 za ka mayar da su, inji ya fi.

Akwai mahaɗa. Inji ya gaza mota da miliyan 6 a shekarar farko, ya fi ta da 8 a ta uku. Jiran shekara biyu don 6 ta zama 8 daidai yake da kusan kashi 15 da rabi a shekara. Ƙasa da haka inji ne, sama da haka mota. Gwada kashi 20 ka gani: mota ta bar dubu 600, inji dubu 230 kacal. Ni dai in awo biyun suka saɓa NPV nake bi, bayan na tabbatar da kason da na sa gaskiya ne, ba wanda ya yi mini daɗi ba.

Ka sake duba miliyan 10 ta shekara ta uku kuma. Nasarar inji duk a kanta ta rataya, ita ce kuma ta fi nisa. In manoma ba su kawo shanshera yadda ka zata ba, ta sauko 9, NPV ɗinsa ta koma 1.89, mota ta wuce shi. Sannan ban ga kuɗin da za ka sayar da motar ko injin a ƙarshe ba. Ka ƙara su a shekara ta uku, ka sake bugawa.