Fanka da famfo a kan rufi: nawa ya kamata mazauninsu ya lotsa?

"Malam, na girka babbar fankar fitar da hayaƙin kicin a kan rufin wani gida mai bene a unguwar Zariya. Na sa faifan roba a ƙarƙashinta, amma sai gurnani ya ƙaru a ɗakin da ke ƙasa. Robar ce ba ta da kyau?"

Mai yiwuwa robar lafiyarta ƙalau, ba dai aikinta ba ne. Duk injin da aka ɗora a kan roba ko sifirin yana da saurin da yake son yin lilo da shi idan aka taɓa shi, kuma abu guda ne ke yanke wannan saurin: milimita nawa mazaunin ya lotsa sa'ad da nauyin injin ya hau kansa, injin yana kashe. Lotsawar nan ita ce abin da za ka fara aunawa da rula. Daga nan sai lissafi:

```
fn = 15.8 / √d
r  = f / fn
T  = 1 / (r² − 1)
```

A nan d ita ce lotsawa a milimita, fn kuma saurin lilon mazaunin a cikin daƙiƙa guda, wato Hz. Shi f saurin juyawar injin ne, kana samunsa idan ka raba juyinsa na minti da 60. Ita r tana nuna sau nawa saurin injin ya ninka na mazaunin. T ita ce kason jijjigar da ke ratsa mazaunin ta shiga jikin gini.

Mu ɗauka fankarka mai bel ce, tana juyi 600 a minti, wato 10 Hz. Faifan roba irin wanda aka saba sawa yakan lotsa kamar milimita 2.5. Ka sa wannan cikin lissafi na farko, za ka samu 10 Hz cif. Ka ga ke nan saurin fanka da saurin lilon mazauni sun zo ɗaya. Kamar yaro ne a kan lilo ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, turi kaɗan sai ya yi sama. Shi ya sa ɗakin ya fi gurnani da robar a kan yadda zai yi in ka ɗaure fankar kai tsaye a siminti.

Mazauni ba ya fara rage komai sai r ta wuce 1.41. Ƙasa da haka ƙara jijjiga yake yi. Kuma wucewa da kyar ba ta wadatarwa: a r ta 2, kashi 33 cikin ɗari ne ke ratsawa, a r ta 3 sai ya sauko zuwa kashi 12.5. Ni dai a kan rufin da mutane ke kwana a ƙarƙashinsa ba na yarda da abin da ya haura kashi 10.

"Amma farantin moto ya nuna 1450. Me ya sa ka yi lissafi da 600?"

Saboda jijjiga mafi jinkiri ita ce ta fi wuyar tarewa, kuma da ita ake zaɓar mazauni. Moton da ke juyi 1450 a wutarmu mai 50 Hz yana bada wajen 24 Hz, wannan da sauƙi. Fikafikan fankar ne ke tafiya a hankali, kuma su ne ke tara ƙura da maiƙon girki a gefe guda har su fita daga daidaito, balle a lokacin hunturu. In ba ka san saurinsu ba, auna fulin moto da fulin fanka. Fulin moto mai faɗin santimita 12 yana jan na fanka mai santimita 29, juyi 1450 sau 12 a raba da 29, ya ba ka 600.

"To wane sifirin zan nema, kuma yaya zan san zai ɗauki nauyin?"

Bari mu bi aikin har ƙarshe. Sifirin da ya lotsa milimita 25 yana lilo a 3.2 Hz. Da fanka mai 10 Hz, r ta kusa 3.2, abin da ke ratsawa kashi 11 ne. Wanda ya lotsa milimita 50 yana lilo a 2.2 Hz, r ta zama 4.5, sai kashi 5 kawai ya ratsa. Ka lura, ninka lotsawa sau biyu ya rage abin da ke ratsawa da kusan rabi, amma bai kawar da shi ba. Ga fankar nan a kan rufi, na milimita 50 zan ɗauka, dalilin kuwa yana cikin amsa ta gaba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen nauyi. Mutum zai ce fankata kilo 400 ce, ƙafa huɗu, bari in sayi sifirin mai ɗaukar kilo 200 kowanne don in samu kwanciyar hankali. Wannan tunanin daidai ne ga igiya ko sarƙa, amma ga sifirin kuskure ne. Milimita 50 da aka rubuta a takardarsa ba ya kai ta sai an ɗora masa cikakken nauyin da aka rubuta. Sifirin mai kilo 200 a milimita 50 yana buƙatar kilo 4 kafin ya sauka milimita guda. Huɗu daga cikinsu a ƙarƙashin kilo 400, lotsawarsu milimita 25 ce a matsakaici. Ka biya kuɗin na 50, ka samu aikin na 25.

Sannan nauyin ba ya rabuwa daidai a ƙafafu huɗu. Gefen da moto yake ya fi nauyi. A ce ƙafa biyu na gefen moto kowace tana ɗauke da kilo 130, sauran biyun kilo 70 kowace. Da waɗancan sifirin iri ɗaya, gefen moto zai sauka milimita 32.5, ɗaya gefen 17.5, fankar ta karkace da milimita 15. Abin da ya dace shi ne kowace ƙafa a ba ta nata: gefen moto sifirin mai kilo 2.6 a kowace milimita, ɗaya gefen mai kilo 1.4, yadda duka huɗun za su sauka milimita 50 tare. Idan mai ƙera fankar bai bada nauyin kowace ƙafa ba, ka ɗora ta a kan sikeli ƙafa bayan ƙafa, sauran ukun a kan katako mai tsayi ɗaya da sikelin.

Kafin ka biya kuɗi, duba abu biyu a jikin sifirin. Faɗinsa kada ya gaza kashi 80 cikin ɗari na tsayinsa bayan ya ɗauki kaya, don siriri dogo lanƙwashewa yake ta gefe. Kuma bayan ya lotsa 50, ya zamana da sauran aƙalla milimita 25 kafin zobbansa su haɗe. In suka haɗe ya zama sandar ƙarfe. A ƙasansa a sa siririn faifan roba, domin ƙara mai tsini tana bin ƙarfen sifirin ta wuce ko da lissafi ya yi kyau. Bayan girkawa, auna tsayin kowanne ka cire daga tsayinsa na lokacin da ba kaya. Wannan lambar ita ce d ta gaskiya.

"Lissafin ya ce kashi 11, ai ya kusa 10. Me zai sa in kashe kuɗin na 50?"

Lissafin ya ɗauka cewa abin da ke ƙarƙashin sifirin ba ya motsi ko kaɗan, kamar daɓen da ke kan ƙasa. Rufi ba haka yake ba. Shi ma yana lotsawa, yana da nasa saurin lilon, kuma tsakiyar rufin siminti mai faɗi kan yi lilo a saurin da bai yi nisa da na fankar ba. A irin wannan wuri abin da ke ratsawa yakan fi abin da takarda ta nuna. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce lotsawar sifirin ta ninka aƙalla sau goma lotsawar da nauyin injin ya ƙara wa rufin. Idan fankar ta saukar da rufi milimita 4, kana buƙatar 40, na 25 ya faɗi ke nan. In ta saukar da shi fiye da milimita 6, kamar yadda kan faru a rufin kwano mai siraran ƙarafa, sai a fara ƙarfafa rufin tukuna. Magani mafi arha kuwa shi ne a matsar da injin daga tsakiyar ɗaki zuwa kan ginshiƙi ko kan bangon da ke ɗauke da rufin.

Akwai kuma na'urar rage gudu, wadda za ka ga an rubuta mata VFD. In mai gidan ya rage fankar da dare zuwa juyi 360, wato 6 Hz, sifirin na 25 zai bar kashi 38 ya ratsa, na 50 kuma kashi 16. Ƙarfin jijjigar kansa yana raguwa idan gudu ya ragu, amma dare ne lokacin da kunne ke jin komai.

"Famfon tura ruwa da ke gefen tanki fa, shi ma sai sifirin?"

Ya danganta da saurinsa. Ƙaramin famfo mai juyi 2900 yana bada 48 Hz. A kan robar da ta lotsa 2.5, takarda za ta ce kashi 4 ne ke ratsawa. Kada ka yarda da lambar gaba ɗaya, don roba ta fi tauri a lokacin jijjiga a kan yadda rula ke nunawa, kuma ranar Maradi a watan Afrilu da Mayu tana ƙara busar da ita shekara bayan shekara. Nemi ƙafafun roba masu lotsawa milimita 6 zuwa sama, ka yi musu inuwa. Famfo mai juyi 1450 kuwa, a kan faifan da ya lotsa 2.5 kusan kashi 21 zai ratsa, saboda haka sifirin na 25 ya fi masa.

Babban famfo ana ɗaure shi ne a kan tubalin kankare mai nauyinsa ko fiye, kaurin bai gaza santimita 15 ba, sannan tubalin ya zauna a kan sifirin. Tubalin ba ya canza T muddin lotsawa ɗaya ce. Aikinsa shi ne hana famfon tsalle lokacin tashi da riƙe shi a kan layi da motonsa. A lissafin nauyi a haɗa da tubalin, da ruwan da ke ciki, da gwiwar bututun da ke kansa.

"Na sa sifirin daidai, amma har yanzu ana ji. Kuma ina tsoron iskar hadari."

Kashe injin ka tura shi da hannu. Ya kamata ya yi lilo a sake, sau biyu zuwa uku a daƙiƙa, ya lafa a hankali. In ya tsaya ƙyam, wani abu yana riƙe da shi. Yawanci bututun iska ne da aka haɗa ba tare da mahaɗin tamfol ba, ko bututun ruwa da aka ɗaure a bango ba mahaɗin roba, ko bututun wayar wuta mai tauri, ko ƙarafan ɗaurin jigila da aka manta ba a kwance ba. Wani lokaci tsakuwa ce ko yashin da iska ta tara a ƙarƙashin firam. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya ɓata lissafin duka.

Tsoron iska kuma gaskiya ne, fanka a kan sifirin mai laushi guguwar farkon damina na iya tuntsurar da ita. Amma kada ka kira mai walda ya like firam ɗin da ƙarfen rufi. Akwai sifirin da ke zuwa a cikin gidansa na ƙarfe, da maƙalin da ke hana shi tashi sama ko zamewa gefe. A daidaita shi yadda za a bar rata kamar milimita 6 tsakanin maƙalin da firam, da roba a tsakani, ta yadda ba sa taɓa juna sai iska ta buga. Bayan kowane babban hadari ka hau ka zura guntun kwali a cikin ratar ta kowace ƙafa. Inda kwalin ya ƙi shiga, sai ka sake daidaita notin wannan ƙafar.